Wayoyi Biyu, Kuɗi Ɗaya: Wace Shaida Ce Ke Kammala Ciniki?

Tun ƙarancin takardun kuɗi da ya biyo bayan sauya fasalin naira, wanda Babban Bankin Najeriya ya sanar a watan Oktoba na 2022 kuma ya tsananta a watannin farko na 2023, tura kuɗi ta waya ya shiga cinikin hatsi da na dabbobi a garuruwan Tambuwal da Kebbe shigar da ba ta da alamar fita. Tare da shi wata gardama ta shigo, wadda kusan kowace ranar kasuwa sai an yi ta: mai saye ya nuna wayarsa yana cewa kuɗi sun fita, mai sayarwa ya duba tasa yana cewa bai ga komai ba, kaya kuma suna ɗaure a tsakaninsu direba yana jira. Matsayin wannan sharhi shi ne cewa abin da wayar mai biya take nunawa shaida ce ta fitar kuɗi daga asusunsa, abin da ke kammala ciniki kuwa shi ne shigarsu asusun mai sayarwa, shigar da shi da kansa ya tabbatar ta hanyar bankinsa. Sai dai wannan bai mayar da mai biya maƙaryaci ba, domin sau da yawa su biyun gaskiya suke faɗa a lokaci guda, kuma wanda ya kamata a tuhuma a kan jinkirin ba ya cikin kasuwar ma.

Ba za a gane yadda mutum biyu za su saɓa alhali kowa yana kan gaskiya ba sai an bi hanyar da saƙon kuɗi yake bi. Idan asusun mai biya da na mai karɓa a banki ɗaya suke, aikin gajere ne, domin bankin zai rage a shafi ɗaya ya ƙara a wani shafin na littafinsa, kuma da wuya a sami tazara tsakanin abin da su biyun suke gani. Idan kuwa bankunan daban ne, saƙon yakan bi ta kamfanin NIBSS, wato cibiyar da Babban Banki da bankunan ƙasar suka mallaka domin daidaita biyan kuɗi a tsakaninsu, wadda ta fito da tsarin turawa nan take mai suna NIP a shekarar 2011. Matakin farko shi ne tambayar suna: mai biya ya rubuta lambar asusu mai alƙaluma 10 ya zaɓi banki, bankinsa ya aika tambaya, bankin can ya dawo da sunan mai asusun. Bayan mai biya ya sa lambar sirrinsa, bankinsa zai fara cire kuɗin daga asusunsa tukuna, sannan ya aika umarnin a zuba su a asusun mai karɓa. Amsa za ta dawo da wata gajeriyar lamba, `00` idan bankin mai karɓa ya karɓi umarnin, ko wata lambar daban idan akwai matsala, kamar `91` mai nuna cewa ba a sami bankin mai karɓa a kan layi ba. Idan ya karɓa, daga nan ne bankin mai karɓa zai rubuta kuɗin a asusun mutuminsa, a ƙarshe kuma ya aika masa saƙon sanarwa da ake kira alat. Kuɗin da ke tsakanin bankunan su kansu ba a wannan lokacin suke motsawa ba, ana tara lissafinsu ne a daidaita a wasu lokuta na rana, amma wannan bai shafi mai ciniki ba, tun da an wajabta wa bankin mai karɓa ya ba mutuminsa kuɗin ba tare da jiran wancan lissafin ba.

Jerin nan shi ne tushen gardamar gaba ɗaya, domin cirewa tana gaban zubawa, zubawa kuma tana gaban sanarwa. Mai biya yana tsaye a farkon hanya, mai sayarwa yana ƙarshenta, kuma tsakaninsu akwai gaɓoɓi uku da kowace za ta iya tsayawa: amsar bankin mai karɓa tana iya makara, rubuta kuɗin a asusu yana iya shiga layin jira idan na'urorin bankin sun cika da aiki, saƙon waya kuma yana iya maƙalewa a hannun kamfanin sadarwa.

A ɗauki misali da ɗan kasuwa daga Jega wanda ya sayi buhu goma na gero a Tambuwal a hannun manomin da ya ɗauko su daga wani ƙauye na Kebbe, a ce sun daidaita a kan naira 420,000. Abin da ɗan kasuwar zai gani a manhajar bankinsa shi ne sunan manomin, sannan kalmar `Successful`, sannan ragowar kuɗinsa ta ragu da 420,000 da kuma ladan turawa, wanda bisa jadawalin da Babban Banki ya fara aiki da shi a Janairun 2020 naira 50 ne ga abin da ya haura naira 50,000, ban da harajin kaya da ke hawa kansa. Zai kuma sami rasit mai ɗauke da rana da lokaci da wata doguwar lamba. A wajensa magana ta ƙare, domin ya ga dukiyarsa ta ragu da idonsa. Manomin kuwa, idan ƙaramar waya gare shi, ba ya da abin dubawa sai akwatin saƙo, kuma akwatin shiru. Idan aka matsa masa ya ɗora kaya a mota, me ya rage a hannunsa in kuɗin suka koma wa mai su bayan motar ta wuce Jega? Idan kuma aka tsare ɗan kasuwar har la'asar, wa zai biya shi asarar motar da ya yi haya?

Masu goyon bayan mai biya suna da hujja mai nauyi. Suna cewa mutumin ya yi duk abin da ke wuyansa, ba shi da ikon dawo da kuɗin da kansa, kuma tsare shi a gaban jama'a kamar wanda ake zargi cin mutunci ne a ƙasar da ciniki ya daɗe yana tafiya a kan amana da sanayya. Gaskiya ne cewa idan kuɗi sun riga sun shiga asusun mai karɓa, mai biya ba ya da maɓallin da zai danna ya janye su, sai dai ya kai ƙorafi banki a bi doguwar hanya. Amma hujjar tana da rami guda, wato sharaɗin cewa kuɗin sun shiga ɗin. Rasit ɗin mai biya bankin mai biya ne ya rubuta shi, kuma iyakar abin da wannan bankin zai iya shaidawa shi ne abin da ya yi da abin da aka amsa masa. Akwai lokacin da amsa ba ta dawo ba kafin wa'adin jira ya ƙare, sai manhaja ta nuna `Pending` ko `Processing` alhali an riga an cire kuɗin, bankin kuma ya koma yana tambayar cibiyar matsayin turawar, ƙarshenta ko dai ta tabbata ko a mayar wa mai biya kuɗinsa. Wanda ya saki kaya a wannan halin ya sayi kifi a ruwa. Malaman fiƙihu na wannan zamani ma a nan suka ajiye ma'aunin: Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1990, ta ɗauki rubuta kuɗi a asusun mutum a banki a matsayin karɓa ta hukunci, wato wadda take tsayawa a madadin karɓa hannu da hannu. Abin lura shi ne rubutun da ke asusun mai karɓa aka ambata, domin shi ne yake ba shi ikon sarrafa dukiyar.

Masu sayarwa da dama sun fahimci wannan, sai suka kafa dokarsu mai sauƙi: ba alat, ba kaya. Niyyar daidai ce, amma an rataye ta a kan shaida mafi rauni a cikin tsarin duka. Saƙon alat ba shi ne kuɗin ba, labarinsu ne kawai, kuma labarin yana iya yin kuskure ta fuska biyu. Ta fuska ta farko, kuɗi suna iya shiga saƙo bai zo ba, ko saboda raunin sabis a ƙauyukan da ke nesa da babban titin Sakkwato zuwa Jega, ko saboda layin da aka yi wa asusun rajista da shi yana wata wayar a gida, ko saboda akwatin saƙon ƙaramar waya ya cika, ko kuma mai asusun ya sa an dakatar da saƙon don gudun kuɗin da ake cire masa a kan kowane ɗaya, wanda ya tashi daga naira 4 zuwa naira 6 a 2025. A nan an zalunci mai biya na gaskiya ba tare da dalili ba. Ta fuska ta biyu, wadda ta fi muni, saƙo yana iya zuwa babu kuɗi, domin 'yan damfara suna iya aika saƙon da ke ɗauke da sunan banki a samansa, har ya faɗa cikin jerin tsofaffin saƙonnin bankin na gaskiya. Haka nan hoton rasit da ake nunawa a fuskar waya ko a turo ta WhatsApp, gyara suna da adadi a cikinsa ba ya buƙatar wata ƙwarewa, kuma akwai manhajojin bogi da aka ƙera su yi kama da na banki. Wake ɗaya ke ɓata gari: kowane alat na ƙarya da ya ci wani mai kaya, mutanen kirki da yawa ne za su biya farashinsa da tsayuwa a rana.

Ana iya kama saƙon ƙarya ta wasu alamomi, kuma mafi ƙarfinsu ita ce ragowar kuɗin da ke ƙarshen saƙon, tun da maƙaryacin bai san nawa ne a asusun ba kafin ya rubuta. Idan manomin yana da naira 18,500 tun farko, saƙon gaskiya zai nuna kusan 438,500, wanda ya nuna 420,000 cif ko bai nuna ragowa ba ya cancanci tuhuma. Amma wannan dabara ce ta wanda ya riƙe lissafinsa a ka, kuma ba ta kai a dogara da ita ita kaɗai ba. Hanyar da ba ta da shakka ita ce mai sayarwa ya je wa bankinsa da tambaya maimakon ya jira labari ya zo masa: ya buɗe manhajarsa ya duba jerin shige da fice, ko ya danna lambar bankinsa a ƙaramar waya, kamar `*894#` ta First Bank ko `*919#` ta UBA ko `*901#` ta Access, ya nemi ragowar kuɗinsa. Amsar da ta zo ta wannan hanyar daga littafin bankinsa take fitowa, kuma mai saye ba shi da hannu a cikinta. Ana cajin naira 6.98 a kan amfani da irin waɗannan lambobi tun 2021, ban da abin da wasu bankuna ke cira na duba ragowa, amma wane mai hankali ne zai ƙi kashe abin da bai kai naira ashirin ba don ya tsare buhu goma? Gani ya kori ji.

Akwai wani tarko kuma da ba na maƙaryaci ba ne, ba na sabis ba ne, wanda ya fi kama manoma da masu ƙananan asusu. Asusun banki matakai uku ne bisa yawan bayanan da mai shi ya bayar, kuma na matakin farko, wanda ake buɗewa da sauƙi a hannun wakili, an iyakance abin da zai iya riƙewa zuwa naira 300,000. Idan asusun manomin Kebbe na wannan matakin ne, naira 420,000 sun fi ƙarfinsa, don haka ko dai bankinsa ya ƙi karɓa kuɗin su koma, ko ya karɓa ya riƙe su har sai mai asusun ya kai takardun ɗaga matakinsa. A hali na biyu mai biya ya biya da gaske, manomin ma yana iya ganin adadin, amma ba zai iya cire shi ya sayi taki ko ya biya motar komawa gida ba. Saboda haka adadin da ya kamata a duba shi ne wanda ake iya kashewa, wanda manhajoji ke rubutawa `Available Balance`, kuma tambayar ko asusun zai ɗauki kuɗin kafin a tura ake yin ta.

Abin da ya fi wannan sarƙaƙiya shi ne cinikin da ake biya ta hannun mai POS. Manoma da makiyaya da yawa ba su da asusu ko ba su amince da nasu ba, sai su ce a tura wa wani wakili da ke bakin kasuwa, shi kuma ya ba su tsabar kuɗi bayan ya cire ladansa. A nan mai sayarwa ba ya ganin komai ko kaɗan, sunan da ya fito a wayar mai biya ma ba nasa ba ne, kuma shaidu sun zama uku. Idan aka sami saɓani daga baya, rasit ɗin mai biya zai nuna cewa wani mutum daban ya biya, manomin kuwa ba shi da takardar da ke ɗaure wancan kuɗin da geronsa. Wannan tsari yana da amfaninsa, domin na'urar wakili ko manhajarsa takan nuna shigar kuɗi kai tsaye daga kamfaninsa, wanda ya fi saƙon waya inganci nesa ba kusa ba. Sharaɗinsa dai shi ne mutanen uku su tsaya wuri ɗaya, wakilin ya tabbatar da adadin da sunan wanda ya turo a gabansu, kuma a ɗauki cinikin ya kammala ne lokacin da manomin ya ƙirga kuɗinsa ko ya yarda a fili cewa ya bar su ajiya a hannun wakilin.

To idan wayoyin biyu sun saɓa, ina shaidar da ɓangarorin biyu za su yarda da ita? Tana cikin doguwar lambar nan ta rasit, wadda ake rubutawa `Session ID`. Alƙaluma 30 ce, kuma ba a jera su haka kawai ba: shida na farko lambar bankin da ya tura ce, goma sha biyu na tsakiya shekara da wata da rana da awa da minti da daƙiƙa ne, goma sha biyu na ƙarshe kuma lambar wannan turawar ce ita kaɗai. Ga misalin siffarta, an raba ta don a gane:

```
999999 250714113205 000000481516
```

Tsakiyar wannan misalin tana cewa 14 ga Yuli 2025, ƙarfe 11 da minti 32 da daƙiƙa 5. Wanda ya san haka zai iya kama rasit ɗin da aka gyara, domin mai gyaran yakan sauya ranar da ke sama ya manta da wadda ke ɓoye a cikin lambar. Amfaninta mafi girma kuwa shi ne lamba ɗaya ce a littafin bankin mai biya da na cibiyar da na bankin mai karɓa, don haka da ita kowane ɓangare zai iya sa bankinsa ya binciko inda kuɗin suka tsaya. Mai sayarwa da ya rubuta ta a takarda tare da adadi da lambar wayar mai saye ya riƙe abin da ya fi hoton rasit daraja, ko da yake ita ma ba ta zama dalilin sakin kaya ga baƙon da ba a sani ba.

Kuskuren da ya fi jawo rigima a wannan tsakanin shi ne sake turawa. Mai biya ya ga `Pending`, mai kaya ya matsa, sai ya tura karo na biyu, bayan awa ɗaya duka biyun su shiga, manomin ya wayi gari da 840,000 ɗan kasuwa kuma yana neman rabinsu daga Jega. Abin da ya fi dacewa shi ne a jira matsayin turawar farko ya bayyana, ko a bar kayan a hannun dillali ko shugaban 'yan kasuwa da ɓangarorin biyu suka yarda da shi har ta tabbata ko ta dawo. Irin wannan ajiya a hannun amintacce ba sabon abu ba ne a kasuwannin ƙasar Hausa, kuma ita ce amsar masu cewa duba asusu yana kashe amana: amanar tana nan, an ba ta aikin da za ta iya ne kawai.

Wasu kuma sun yanke cewa maganin duka shi ne a koma tsabar kuɗi. Ba za a raina wannan ra'ayi ba a Sakkwato, jihar da gwamnati ta rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 a watan Satumba na 2021 saboda matsalar tsaro, inda mutane suka ga yadda kuɗin da ke waya ke zama kamar babu su idan sabis ya ɗauke. Amma matsalar tsaron nan ita ce kuma ta sa ɗaukar dubban ɗaruruwan naira a aljihu a hanyoyin da ke kusa da iyakar Zamfara ya zama kasada, kuma 2023 ta nuna cewa takardar kuɗin ma tana iya ɓacewa daga hannun jama'a. Komawa baya ba zai raba gardamar ba, zai sauya mata wuri ne kawai.

Nauyin da ya rage na bankuna ne, kuma ba roƙo ba ne, doka ce. Ƙa'idar da Babban Banki ya fitar a 2018 kan tura kuɗi nan take ta wajabta wa bankin mai karɓa ya zuba kuɗin a asusu cikin daƙiƙa 60, ta sa tarar naira 10,000 a kan kowace turawa da aka jinkirta zubawa fiye da minti huɗu, da irin wannan tarar a kan wadda ta gaza ba a mayar wa mai ita ba cikin awa 24. Mutum nawa ne a Dogon Daji ko Kuchi suka san da wannan? Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma bankin da ke karɓar lada a kan kowace turawa da kowane saƙo ba shi da hujjar barin mutum biyu suna zargin juna a kan jinkirin da na'urarsa ta haifar. Wanda kuɗinsa suka maƙale yana da haƙƙin ya kai ƙorafi bankinsa da lambar turawar, ya nemi a ba shi lambar ƙorafin, idan kuma mako biyu suka wuce ba a warware ba ya ɗaukaka zuwa sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki. Wannan hanya tana da tsawo ga manomin da zai biya kuɗin mota kafin ya isa reshen banki, shi ya sa gyaran da ya fi kusa yake hannun bankunan da kamfanonin kuɗi na waya: su daina nuna alamar nasara kafin bankin mai karɓa ya amsa, su sa lambar turawa a cikin kowane saƙo har na masu ƙaramar waya, su gargaɗi mai biya tun a matakin tambayar suna idan asusun da zai tura wa ba zai ɗauki adadin ba, kuma su rubuta matsayin turawa da Hausa ga wanda ya zaɓi haka.